Baƙin layin da ke wuyan hannun yaro: karaya ce ko wurin girma?

Kusan duk yaron da aka ɗauki hoton ƙashin wuyan hannunsa, ko ya faɗi ko bai faɗi ba, za a ga wani baƙin layi ya ratsa ƙashin daga gefe zuwa gefe, dab da gaɓa. Wanda bai saba ba zai rantse karaya ce, domin ƙarshen ƙashin ya fito kamar ya rabu da sauran. Iyaye sukan ɗaga fim ɗin a bakin taga su nuna shi da yatsa, hankali a tashe. Wani lokaci ma sabon ma'aikacin asibiti yakan bi su a kan haka, a naɗe hannun da lafiyarsa ƙalau da filasta har makonni. Kuskuren yana da ɗan'uwa wanda ya fi shi muni. Ma'aikacin da ya riga ya koyi cewa layin nan na halitta ne yakan kawar da kai daga wurin gaba ɗaya, alhali a nan ko kusa da nan ne yara suka fi karyewa.

Ƙasusuwa biyu ne ke saukowa daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Babban, wanda ke ɓangaren babban yatsa, shi ne radiyus. Siririn da ke ɓangaren ƙaramin yatsa kuma shi ne ulna. A jikin yaro, kowannensu yana da wani siririn faifai na guringuntsi kusa da ƙarshensa, kuma daga wannan faifai ƙashin yake ƙara tsawo. Hasken na'urar hoto yana ratsa guringuntsi cikin sauƙi saboda babu kalsiyam mai yawa a cikinsa, shi ya sa wurin yake fitowa baƙi a tsakanin fararen ƙasusuwa biyu. Wannan shi ne layin girma. Abin da ke gabansa, wajen tafin hannu, shi ne kan ƙashi. Abin da ke bayansa, inda ƙashin ya buɗe ya yi faɗi kafin ya tsuke ya zama ganga, shi ne wuyan ƙashi. Kusan kashi 75 cikin 100 na tsawon radiyus daga layin wuyan hannu yake fitowa, ragowar daga na gwiwa. Don haka wurin da ake ruɗewa a kansa shi ne wurin da ya fi ko'ina tasiri a kan tsawo da miƙewar hannun yaron idan ya girma.

Kafin a dubi fim, a fara sanin shekarun mai hannun, domin hoton ɗan shekara 2 da na ɗan shekara 12 ba su yi kama ba ko kaɗan. Kan radiyus yakan fara bayyana a hoto wajen shekara 1, ɗan ƙaramin farin ɗigo da ke zaune shi kaɗai. Kan ulna yakan makara sai wajen shekara 5 zuwa 7, kuma 'yan mata sukan riga maza. Ƙananan ƙasusuwa 8 na gindin tafin hannu su ma ɗaya bayan ɗaya suke fitowa: biyu a shekarar farko, na ƙarshe kuwa sai wajen shekara 9 zuwa 12. Idan aka ga ɗan farin ɗigo a ƙarshen ulna na ɗan shekara 6, mai santsi, mai zagayayyen baki, mafi yawan lokaci sabon kan ƙashi ne da ya fara nunawa. Guntun da ya ɓalle bai cika zama da santsi haka ba. Layukan sukan rufe wajen shekara 15 zuwa 17 ga mata, maza kuma su ɗan ƙara shekara ɗaya ko biyu. Bayan rufewa akan ga siririn farin zane a inda layin yake a da, wanda kan daɗe har cikin girma, kuma ba ciwo ba ne.

Lafiyayyen layin girma yana da kamanni da ake gane shi da su. Yana nan a wurin da aka san shi, yana ratsa ƙashin a kwance, ko da ya ɗan yi lanƙwasa kaɗan. Faɗinsa kusan ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan. Bakinsa na ɓangaren wuyan ƙashi yana da ɗan farin zane mai kauri, domin a nan ne sabon guringuntsi yake fara ɗaukar kalsiyam. Kusurwoyinsa a dulmuye suke, babu kaifi. Mafi muhimmanci, kan ƙashin yana zaune daidai a tsakiyar wuyan ƙashin, bai zame gaba ba, bai zame baya ba. Sabuwar karaya kuwa bakinta yana da kaifi, ba ta da farin zanen nan a gefenta saboda jiki bai samu lokacin yin sa ba, takan tafi a karkace ko da tsalle-tsalle, kuma takan fasa ɓawon ƙashi, wato farin layin nan mai ƙarfi da ya zagaye ƙashin ta waje.

A ganina, ɓawon nan shi ne abin da ya kamata ido ya fi daɗewa a kansa, fiye da baƙin layin da ke jan hankali. A ɗora bakin biro a kan gangar radiyus, a bi gefen ƙashin a hankali zuwa wuyan hannu. A lafiyayyen ƙashi, biron zai tafi sumul, ya buɗe a hankali yayin da ƙashin ke faɗi, har ya isa layin girma ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Duk inda biron ya ci karo da tudu, ko kusurwa, ko mataki, ko giɓi kafin ya kai layin, to akwai magana. A yi haka ga gefuna biyu na radiyus da gefuna biyu na ulna, a hoton gaba da hoton gefe. Aikin minti ɗaya ne, amma da shi ake kama mafi yawan karayar da ake tsallakewa.

Na ce hoton gaba da hoton gefe, kuma ba a sassauci a kan wannan. A takardar neman hoto akan rubuta PA da LAT, wato ɗaya tafin hannu a kife a kan faranti, ɗaya kuma hannun a tsaye a kan gefensa. Kan ƙashi yakan zame zuwa bayan hannu ne idan yaro ya faɗi ya dafa ƙasa da tafinsa, kuma zamewa ta baya ba ta cika nunawa a hoton gaba ba, domin ƙasusuwan suna hawa kan juna a fim. Na san kuɗin fim biyu ba ƙaramin abu ba ne ga iyaye da yawa, amma hoto ɗaya na wuyan hannu bai isa a yanke hukunci da shi ba. Akwai kuma wata dabarar haske da ke ruɗa mutane. Idan yaro ya murɗa hannu saboda zafi ko tsoro, hasken ya shiga a karkace, bakin gaba da bakin baya na layin girma ɗaya sukan fito kamar layuka biyu. Abin da zai nuna cewa ba karaya ba ce shi ne dukansu suna da santsi, suna haɗuwa a gefunan ƙashi, kuma ɓawon da ke bayansu bai fashe ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Yaro ne ɗan shekara 9, ya faɗo daga keke da yamma ya dafa ƙasa da hannun dama. Washegari mahaifinsa ya kawo shi, yaron yana tallafe da hannun a ƙirji, akwai ɗan kumburi a bayan wuyan hannun amma bai karkace ba. An riga an yi hoto a wani wuri, uban ya miƙa fim yana nuna baƙin layin yana cewa, “Likita, ai ga ta nan, ƙashin ya rabu biyu.”

Likitan da ya san aikinsa zai ajiye fim ɗin tukuna ya ce wa yaron, “Zo nan ɗana, nuna min da yatsa ɗaya inda ya fi yi maka zafi.” Sai ya bi ƙashin da babban yatsansa, yana dannawa a hankali daga tsakiyar hannu zuwa ƙasa, idonsa a kan fuskar yaron. A misalinmu yaron ya janye hannu ne a wani wuri kamar faɗin yatsu biyu sama da gaɓa, ta bayan hannu. Da aka danna daidai kan layin girma, wanda yake ƙasa da nan, dab da gaɓar, bai damu sosai ba. Likitan zai duba cewa yatsun suna da ɗumi, jini yana komawa farce da sauri idan an matsa an saki, yaron yana jin taɓawa a kowane yatsa, yana iya ɗaga babban yatsa da buɗe sauran. Zai taɓa gwiwar hannu ma, saboda faɗuwa ɗaya takan yi ɓarna a wuri biyu.

Yanzu sai fim. An tabbatar da suna da kwanan wata da harafin R da ke nuna hannun dama. A hoton gaba, layin girman radiyus yana da faɗi ɗaya, bakinsa da farin zane, kan ƙashi yana zaune a mazauninsa. Na ulna ma haka. Amma da aka bi ɓawo da biro, kimanin santimita 2 sama da layin, sai ga ɗan tudu ƙarami a gefen radiyus, da wani dishi-dishin farin zane da ya ratsa ƙashin a daidai wurin. A hoton gefe abin ya fito sarai: ɓawon bayan hannu ya yi ɗan ƙusumbi, ya lotsa ya tattare, na ɓangaren tafi kuwa sumul yake, bai fashe ba. Wurin da fim ya nuna ya yi daidai da wurin da yaron ya janye hannu. Karaya ce, amma ba inda uban ya nuna ba, kuma ko baƙin layi ba ta da shi.

Dalilin haka yana cikin irin ƙashin yara. Ɗanyen karan dawa, idan aka matse shi daga ƙarshensa biyu, yakan tattare ya yi ƙusumbi a wuri ɗaya ba tare da ya tsinke ba, idan kuma aka lanƙwasa shi sai gefe ɗaya ya tsage ɗayan ya riƙe. Ƙashin yaro haka yake yi, domin yana da laushi kuma tantanin da ya lulluɓe shi yana da kauri. Ta farkon ita ce karayar lotsawa, irin ta yaron nan, kuma ita ce mafi yawa a wuyan hannun yara. Ta biyun ita ce karayar ɗanyen kara, inda ɓawo ɗaya ya fashe da gaske, ƙashin ya lanƙwashe. Bambanta su yana da amfani ƙwarai. Karayar lotsawa ba ta motsi, ba ta zamewa. Ta ɗanyen kara kuwa tana iya ƙara lanƙwasa a cikin kwanakin farko, don haka tana buƙatar filasta da sake hoto bayan kamar mako ɗaya. Idan aka ga tsaga ta kai ga ɓawo na biyu, ko ƙashin ya karkace a fili, to an fita daga sahun lotsawa.

A shekarar 2022 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 23 na Birtaniya a kan yara 965 masu shekara 4 zuwa 15, dukansu da karayar lotsawa a wuyan hannu. An raba su gida biyu. Wasu aka ba su bandeji mai laushi aka sallame su, wasu kuma aka ɗaure musu hannu da abu mai tauri. A rana ta 3 zafin da suke ji bai bambanta ba, haka kuma warkewarsu a makonnin da suka biyo baya. Saboda haka yaron misalinmu bandeji ko ɗan takalmin hannu mai cirewa ya ishe shi, da farasitamol gwargwadon nauyinsa, ya huta da hawan keke da kokawa na 'yan makonni. A cikin mako 3 yawanci ya koma harkarsa. Amma duk wannan sauƙin ya rataya ne a kan cewa an karanta hoton daidai, an tabbatar lotsawa ce tsantsa.

To da a ce yaron ya yi ƙara ne lokacin da aka danna daidai kan layin girma fa? A nan ne aikin yake ƙara wuya. A jikin yaro, guringuntsin layin girma ya fi jijiyoyin da ke riƙe gaɓa rauni, shi ya sa faɗuwar da za ta ba babba targaɗe takan ba yaro karaya a layin. Likitoci biyu na Toronto a ƙasar Kanada, Robert Salter da Robert Harris, sun kasa irin wannan karaya gida 5 a shekarar 1963, kuma har yau da rabonsu ake aiki. Biyu na farko su ne ake yawan gani a wuyan hannu.

A nau'i na 2, wanda ya fi kowanne yawa, tsagar takan bi ta cikin layin girma, sannan ta kauce ta fita ta wuyan ƙashi, ta ɓalle wani ɗan guntu mai kusurwa uku wanda ke maƙale da kan ƙashin. Wannan guntun shi ake nema, kuma a hoton gefe ya fi fitowa, ta bayan hannu. Tare da shi akan ga kan ƙashin ya zame baya, ya bar mataki a inda ya kamata a ga layi miƙaƙƙe. Abin lura a nan shi ne ƙaramar karaya ta wannan nau'in takan yi kama da lotsawa. Duk lotsawar da aka gani ta matso kusa da layin girma, ƙasa da santimita 1 a yaron da ya kai shekarun makaranta, a sake dubanta da kyau, domin sau da yawa tsagar ta kai cikin layin.

Nau'i na 1 shi ne mai ɓuya. Tsagar tana cikin guringuntsi kaɗai, kuma guringuntsi ba ya fitowa a hoto. Idan kan ƙashin bai zame ba, fim zai iya fitowa tamkar na lafiyayye. Wani lokaci akan ga layin ya fi faɗi a gefe ɗaya, ko ya fi na ulna da ke kusa da shi buɗewa fiye da kima, ko naman da ke kewaye ya kumbura. A hoton gefe akwai wani siririn duhun kitse da ke kwance a gaban radiyus, wanda kan bankaro ko ya ɓace idan jini ya taru a ƙarƙashinsa. Ganin hakan yana ƙara zargi, amma rashinsa ba ya wanke hannun. Idan shakka ta yi yawa akan ɗauki hoton ɗaya hannun a gwada, sai dai wannan ba abin yi wa kowane yaro ba ne. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce: yaron da ke da zafi da kumburi daidai kan layin girma, a ɗauke shi a matsayin mai karaya ko da fim bai nuna komai ba. A tsayar da hannun, a sake duba shi bayan kwana 10 zuwa 14. Idan karaya ce, a lokacin akan ga siririn sabon ƙashi ya fara kwanciya a gefen wuyan ƙashin. Nau'i na 3 da na 4 suna ratsa kan ƙashin su shiga cikin gaɓa, ba su da yawa a nan, kuma aikin likitan ƙashi ne kai tsaye.

Akwai abubuwa biyu da mai karanta hoto a ƙasar Hausa zai riƙa cin karo da su. Na farko fararen zane ne sirara da ke ratsa wuyan ƙashi a kwance, a jere da layin girma, wani lokaci biyu ko uku. Alama ce ta lokacin da girma ya tsaya na ɗan lokaci saboda doguwar jinya ko ƙarancin abinci, sannan ya ci gaba. Ana bambanta su da farin zanen lotsawa da cewa sirara ne ƙwarai, a miƙe suke, sukan fito a radiyus da ulna tare, kuma ɓawon da ke gefensu ba shi da tudu. Na biyu shi ne cutar laushin ƙashi ta rikets. A nan layin girma yakan yi faɗi sosai, bakin wuyan ƙashin ya rasa farin zanensa ya yi buzu-buzu, ya buɗe ya yi rami a tsakiya, kuma abin yana hannaye biyu da gwiwoyi. Yaron yakan zo da kumburarren wuyan hannu marar zafi, ƙafafu kuma a gwame ko a bankare. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa ga yaran da suka duba, ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalilin cutar, kuma kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Buɗaɗɗen layin girma a hannaye biyu, ba tare da zafi a wuri ɗaya ba, magani da abinci yake nema.

Idan kuma yaro ya zo da zazzaɓi, wurin ya yi zafi ya yi ja, labarin faɗuwar kuma bai taka kara ya karya ba, a tuna da ƙwayar cuta a cikin ƙashi, musamman ga mai sikila. Ita ma a wuyan ƙashi take fara zama, kuma hoton kwanakin farko ba ya nuna ta. Jaririn da bai fara tafiya ba kuwa, in aka ga karaya a jikinsa, sai an tambayi yadda aka yi da kyau.

Lokaci yana da muhimmanci ga karayar da ta taɓa layin girma ta kuma zame. Wurin yana haɗewa da sauri, don haka idan za a mayar da kan ƙashin mazauninsa, a cikin kwanakin farko ake yi, da maganin kashe zafi, a hankali, ba tare da maimaitawa ba. Bayan kwana 7 zuwa 10, likitocin ƙashi sukan gwammace su bar shi yadda yake, domin ja da murɗawa a lokacin na iya lalata guringuntsin fiye da yadda faɗuwar ta yi, kuma ƙashin ƙaramin yaro yana miƙe kansa da kansa yayin da yake girma. Ɗan ƙasa da shekara 10 zai iya gyara karkata ta digiri 15 zuwa 20 a wannan wuri. Wannan ne ya sa nake jin tsoron hannun da aka kai wa maɗori ya ja, aka kawo asibiti aka sake ja, aka koma gida aka ƙara. Ɗaurin kara da aka tamke a kan hannu mai kumburi kuma yana iya toshe jini. Yatsun da suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina jin taɓawa, ko zafin da ke ƙaruwa idan an miƙar da yatsu, duk suna nufin a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Yawancin yaran da suka karye a layin girman radiyus suna warkewa sarai bayan mako 4 zuwa 6 a filasta. Kaɗan ne daga cikinsu layin yake rufewa kafin lokacinsa, amma a ulna hakan ya fi faruwa nesa ba kusa ba. Matsalar ba ta nunawa a makonnin farko. Shi ya sa ake so a dawo da yaron bayan wata 6 zuwa 12 a sake hoto, ko da ba ya kukan komai. Abin da ake nema a sabon fim ɗin shi ne siririn farin zanen nan na tsayawar girma. Idan ya yi nisa da layin girma kuma yana tafiya a jere da shi daga gefe zuwa gefe, ƙashin yana girma daidai. Idan ya matse da layin a gefe ɗaya ya buɗe a ɗayan, to wani sashe ya daina girma, kuma a tura yaron wurin likitan ƙashi tun hannun bai fara karkacewa ba.